Me ya sa muke cewa burodi da direba? Tambayoyi da amsoshi kan gaɓar Hausa da kalmomin aro

Tambayoyin nan su ne waɗanda ɗalibai suka fi yi mini duk lokacin da muka iso darasin gaɓa. Kalmomin Turanci da na Larabci da zan kawo, na rubuta su da haruffanmu yadda suke fita daga bakin masu su, domin kunne ne yake aron kalma, ba ido ba.

Mece ce gaɓa, kuma iri nawa Hausa take da su?

Gaɓa ita ce gunduwar da kalma take rabuwa idan aka faɗe ta a hankali. A aji nakan sa yara su tafa hannu: ma-ka-ran-ta, tafi huɗu, gaɓa huɗu. Kowace gaɓa tana da wasali a tsakiyarta, shi ne ƙashin bayanta.

Hausa tana da siga uku kacal. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar ci, ko gaɓar farko ta gida, ana taƙaita ta da BW. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar gaɓar farko ta rana, ko kai da sau, wato BWW. Sai baƙi da wasali da baƙi, BWB, kamar nan, ko gaɓar farko ta fuska da ta sarki. Ta farkon ita ce marar nauyi, biyun ƙarshe masu nauyi ne, kuma a kan wannan bambanci aka gina ma'aunin rubutacciyar waƙa.

Abu biyu ne suke fitowa daga nan, kuma duk sauran bayanin shafin nan a kansu ya rataya. Baƙi biyu ba sa haɗuwa a farkon gaɓa, ba sa haɗuwa a ƙarshenta. Wuri ɗaya da baƙi biyu suke zama kafaɗa da kafaɗa shi ne tsakiyar kalma, inda ɗaya yake rufe gaɓa ɗaya kuma yake buɗe ta gaba: fus-ka, sar-ki, kas-ko.

Gaɓa ba ta ɗaukar kayan da ya wuce wannan ko a kalmomin gida. Mai yana da tagwan wasali, amma da an liƙa masa n sai ya koma man, kamar a man gyaɗa. Haka kai ya zama kan, rai ya zama ran, kyau ya zama kyan. Dogon wasali da baƙin rufewa ba sa zama a gaɓa ɗaya, dole ɗaya ya rage tsawo.

To ai ga ido da aiki da uwa, sun fara da wasali. Ga kuma kwalba da gyaɗa da tsuntsu, sun fara da baƙi biyu.

Rubutun boko ne yake ruɗar da mu a duka biyun. Ido da aiki da uwa suna farawa da hamza, wato ɗan tsayawar nan ta maƙogwaro da ake ji a tsakiyar sa'a da jama'a. Ƙa'idar rubutu ce ta ce kada a rubuta ta a farkon kalma. Da an sa ɗafi a gaba sai ta bayyana: aiki, ma'aikaci, auna, ma'auni.

Su kuma kw da gy da ts da sh da ƙy, haruffa biyu ne a takarda amma sauti ɗaya ne a baki. Wanda zai ce kwalba yana zumɓura leɓɓansa tun kafin k ta fito, ba wai sai ya gama k sannan ya shiga w ba. Wata shaida ita ce ninki. Daga kyau muna samun kyakkyawa, inda ky ta dawo ɗungurungum a matsayin abu guda.

Mene ne ƙarfin amo, kuma me ya haɗa shi da gaɓa?

Ka tsaya a bakin gona ka ƙwala wa Audu kira. Sautin da za ka ja shi ne u ɗin ƙarshe, domin shi ne zai kai kunnensa. Ba wanda yake jan d. Wannan shi ne ƙarfin amo: yadda sauti yake fita a sake, baki a buɗe, har a ji shi daga nesa. Ba shi da alaƙa da karin sauti, wato hawa da saukar murya da yake raba ma'anonin kalmomi. Wannan wani babi ne daban.

Masana sun jera sautuka kamar matakalar tsani. A can sama akwai wasula. Ƙasa da su y da w, sai l da r, sai 'yan hanci m da n, sai masu zuza irin s da z da f, sannan a can ƙasa masu tsayawa cak irin b, d, g, t, k. Eduard Sievers a 1881 da Otto Jespersen a 1904 suna cikin waɗanda suka fara tsara wannan tunani. Abin da suka lura da shi shi ne, a harsuna da yawa gaɓa kamar tudu take: amo yana hawa daga farkonta zuwa wasali, sannan ya gangara.

Ɗauki bred na Turanci. B tana ƙasa, r ta ɗara ta, wasali yana ƙololuwa, d ta sauko. Tudu ɗaya lafiyayye. Shi ya sa Turanci yake da br da tr da gl a farkon kalma amma ba shi da rb ko lg a wurin. Inda ya karya tasa dokar shi ne st da sp da sk, domin s ta fi t da k amo, ga ta kuma a gabansu.

Ke nan Hausa tana karɓar cunkoson da ya bi tsanin, ta ƙi wanda ya saɓa?

A'a, kuma a nan ne ɗalibai suka fi faɗawa rami a jarrabawa. A farkon kalma Hausa ba ta duba tsani ko kaɗan. Br da ta bi doka da st da ta karya ta, hukuncinsu ɗaya: a tsaga su a saƙala wasali. Bred ya zama burodi, glas ya zama gilashi, draiba ya zama direba, haka kuma sto ya zama sito, spana ya zama sifana, spika ya zama sifika.

Wannan ba dole ba ne ga kowane harshe. Ellen Broselow ta nuna cewa masu Larabcin Masar suna bambanta su. Plastik sukan ce bilastik, wasali a tsakiya, amma ski sukan ce iski, wasali a gaba. Da Hausa ta so bin wannan hanya babu abin da zai hana ta, tunda muna da iska da aski, kuma isto da zai zauna daram a matsayin is-to. Ba ta bi ba. Bakin Bahaushe ya fi son ya bar baƙin farko a mazauninsa ya ba shi wasalin kansa.

To a ina tsanin amo yake aiki a Hausa?

A mahaɗar gaɓoɓi biyu, kuma kalmomin Larabci ne suka fi nuna shi a fili. Larabci yana da tarin kalmomi masu ƙarewa da baƙi biyu idan aka tsaya a kansu. Dubi yadda muka yi da waɗannan: mulk ya zama mulki, ƙarn ya zama ƙarni, jins ya zama jinsi, shirk ya zama shirka. Wasali ɗaya aka ƙara a ƙarshe, baƙaƙen biyu kuma aka raba musu gida, ɗaya ya rufe gaɓa ɗaya ya buɗe ta gaba. A dukkansu baƙin farko ya fi na biyu amo: l ta fi k, r ta fi n, n ta fi s. Gangara ce, kuma Hausa tana jin daɗin gangara a wannan wuri.

Yanzu ga kishiyarsu. Zikr bai zama zikri ba, zikiri ya zama. Sihr ya zama sihiri, ƙabr ya zama kabari, witr ya zama wutiri. A nan baƙin farko yana ƙasa, na biyun, wato r, yana sama. Hawa ne, sai aka tsaga tsakaninsu. Wasu kuma an saƙala musu wasalin tsakiya kawai aka bar r ta rufe kalmar, kuma lokutan sallarmu cike suke da su: zuhr ya ba mu azahar, asr ya ba mu la'asar, fajr ya ba mu alfijir. Sunan Abubakar ma haka ne, daga Bakr, da Badar daga Badr. Ko a tsakiyar kalma abin bai canza ba: fitna ta zama fitina, hikma ta zama hikima, rahma ta zama rahama, magrib ta zama magariba.

Wannan son gangara masana sun gan shi a harsuna da dama, Robert Murray da Theo Vennemann suka tsara shi a matsayin doka a 1983: an fi son gaɓa ta rufe da sauti mai amo, ta gaba ta buɗe da marar amo. Misalin da na fi so shi ne sunan nahiyarmu. Af-ri-ka bai karya sigar gaɓa ba, amma f zuwa r hawa ne. Bahaushe ya ce A-fir-ka, ya mayar da hawan gangara.

Sai dai kada a ɗauke ta doka marar togiya. Dars da harf gangara ce, duk da haka darasi da harafi muke cewa. Silk ma ya zama siliki alhali ga mulki a gefe. Alƙibla da jimla hawa ne kuma sun zauna abinsu. Ilmi da ilimi duka ana ji. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, hawa ya fi jawo tsagawa nesa ba kusa ba, sannan ɗan hanci da baƙin da ke bin sa ba a raba su: banki, tanki, benci, fenti, famfo, siminti, canji.

An ce akwai wata dokar Klingenheben. Tana da alaƙa da wannan?

Ƙwarai. August Klingenheben Bajamushe ne da ya bayyana, wajen 1928, wani sauyi da ya faru a tsohuwar Hausa: baƙaƙe marasa amo da suka sami kansu a ƙarshen gaɓa sun narke sun hau tsani. K da g suka zama u, shi ya sa muke da talaka amma talauci, da ɓauna amma jam'inta ɓakane. T da d da ɗ suka zama r, kamar ɓata da ɓarna. Na leɓe kuwa, b da m, sun zama u a Hausar gabas amma ba su taɓu ba a yamma. Basakkwace yana cewa sabka, abduga, amre, zamna, ɗamre, Bakano yana cewa sauka, auduga, aure, zauna, ɗaure.

Wato tun kafin Turawa su zo, harshen ya riga ya nuna irin baƙin da yake so ya rufe gaɓa da shi.

Amma dokar ta daina aiki a kan sabbin kalmomi, kuma wannan yana taimaka wa mai son gane tsohon aro da sabo. Da tana raye, Oktoba da Autoba za mu ce, gwamna kuma gwauna a Kano. Ba haka ba ne. Likita da dakta asalinsu ɗaya, amma likita ta tsaga k da t, kamar dokita na Yarbanci, dakta kuwa ta bar su manne.

Wane wasali ake saƙalawa? Akwai ƙa'ida ko sa-kai ne?

Abubuwa uku ne suke ja-in-ja. Wasalin da aka fi komawa gare shi shi ne i, musamman bayan t, d, s: tirela, direba, sito, sitiyari. Idan baƙin na leɓe ne, b ko f, yakan ja wasalin zuwa u: burodi, buroshi, bulo, fulawa. Na uku shi ne kwaikwayon maƙwabci, inda sabon wasali yake ɗaukar kamar na kusa da shi: tarakta, Faransa, sukuru, kabari, zikiri.

Inda biyu suka yi karo ake samun saɓani tsakanin garuruwa, har tsakanin mutane. Na taɓa zama a garejin wani bakanike ina jiran mota, shi yana cewa burki, yaronsa yana cewa birki, suna magana a kan ƙafa ɗaya ta mota ɗaya, ba wanda ya lura. Leɓe yana jan u, wasalin asalin kalmar yana jan i. Firamare da filasta da Filato sun bi i duk da f ɗin da ke gabansu.

A ƙarshen kalma i ce sarauniya: bokiti, tikiti, kati, gadi. Wani lokaci tana taɓa baƙin da ta tarar. S a gaban i takan zama sh, shi ya sa gilashi da jam'i gilasai, inda s ta dawo. Waƙt na Larabci ya zama lokaci, t ta koma c, jam'in lokuta ya dawo da ita. Kalmomin Turanci kuwa yawanci sun bar ti yadda take, ba mu cewa bokici.

Za a iya bin kalma ɗaya daki-daki?

Mu ɗauki fursuna. Bature yana cewa prizna, gaɓa biyu. Matsala ta farko p, wadda Hausa ba ta ware ta daban da f ba, sai ta zama f. Ta biyu fr a farkon kalma, dole a tsaga, kuma tunda f ta leɓe ce sai u ta shigo: fu-ri. Daga nan wasalin asali, wato i, ya faɗi, r ta koma ta rufe gaɓar farko, aka sami fur. Saura zn. Z mai zuza ce, n 'yar hanci, hawa ke nan, sai aka tsaga da u mai kwaikwayon na farko, z kuma ta zama s. Fur-su-na: BWB, BW, sai gaɓar ƙarshe. Kowace ta shiga ɗaya daga sigogi ukun nan.

Wannan dabara ta mayar da r marufin gaɓa tana da 'yan'uwa da yawa: birki, birkila, birgediya, farfesa, farfaganda, Kirsimeti. Wasu masana suna kallonta a matsayin musayar wuri tsakanin r da wasali, wasu suna ganin saƙalawa ce sannan shafewa. Ko wanne ne, sakamakon dai shi ne r a ƙarshen gaɓa, wurin da ta fi dacewa da shi. Ba kowace kalma take bi ba, tunda direba bai zama dirba ba.

Tarakta tana nuna wani abu daban. Trakta tana da cunkoso biyu, tr a farko da kt a tsakiya. Na farkon haramun ne tsantsa, sai aka gyara. Na biyun yana iya rabuwa gida biyu, rak-ta, sai aka ƙyale shi. Gyaran yakan tsaya a iya abin da ya zama dole.

Ba a taɓa yar da baƙi maimakon ƙara wasali?

Ana yi, amma bai kai saƙalawa yawa ba, kuma an fi yin sa a ƙarshen kalma inda sautin ba ya fitowa sosai. Belt ya zama bel, film ya zama fim, paund ya zama fam, blok ya zama bulo. A farkon kalma misalin da aka fi sani shi ne tasha, inda s ta steshan ta ɓace gaba ɗaya. Sufeto, daga inspekta, ya yi asarar gaɓar farko da kuma k. Asibiti, daga hospital, ya haɗa komai: h ta tafi, an tsaga sp da i, p ta zama b, l ɗin ƙarshe ta faɗi.

Bel da fim da fam sun nuna cewa kalmar aro tana iya ƙarewa da baƙi, muddin ɗaya ne. Ga ofis, giris, fetur, tebur, kulob.

Akwai wurin da ake zaton mun yar da baƙi alhali ba mu taɓa jin sa ba. Kati da gadi da yadi suna da r a rubutun Turanci, amma Turawan Ingila da suka zo nan ba sa furta ta a wannan wuri. A Nijar kuwa, inda aron daga Faransanci ne, kuma Faransawa suna furta r ɗinsu, ga jandarma da r ɗinta, nd da rm duk sun rabu gida biyu ba tare da an taɓa su ba.

Wanda ya yi boko yana iya cewa bred da kyau. Ke nan tsarin yana mutuwa?

Iya furtawa daban, abin da harshe ya karɓa daban. Mutumin da zai ce draiba tsaf a cikin jimlar Turanci, shi ne zai juyo ya ce wa ɗansa, je ka kira direba. Abin da ya sauya da gaske shi ne tsakiyar kalma da ƙarshenta, inda ake ƙara haƙuri da baƙaƙe irin na dakta da kyaftin da biskit. Farkon kalma bai motsa ba. Ka saurari mai gyaran waya a kasuwa yana faɗin sunan fuskar waya, sikirin za ka ji, an tsaga baƙaƙe uku da wasali biyu.

Wajen rubutu fa, Afrilu ko Afirilu? Ibrahim ko Iburahim?

Duka biyun ba su karya sigar gaɓa ba, domin Af-ri-lu da Ib-ra-him suna rabuwa lafiya. Abin da yake faruwa shi ne f zuwa r da b zuwa r hawa ne, baki kuma yana son tsaga shi, alƙalami yana son riƙe asali. Jaridu sun fi rubuta Afrilu da Fabrairu, kuma sunan mutum yadda mai shi yake rubuta shi ake bi, ko da kakarsa Iburahima take kiransa.

Inda nake jan layi da jan biro a takardar ɗalibi shi ne farkon kalma da ƙarshenta. Idan na ga dreba ko brodi ko bank a cikin jimlar Hausa, kuskure ne, domin babu gaɓar Hausa da za ta ɗauke su. Gwajin da nake ba su mai sauƙi ne: a raba kalmar da tafi, a rubuta B da W a ƙarƙashin kowane sauti, ana lissafa kw da ts da sh a matsayin B ɗaya. Duk gaɓar da ta fito da BB a gefe ɗaya, akwai wasalin da aka manta.